Bol ɗin ƙarfe cikin bututun alminiyam idan ya sha zafi

"Na zura bol ɗin ƙarfe cikin bututun alminiyam, na ɗaure noti, sannan na gasa su. Wanne ya fi ɗaukar nauyi?"

Babu wanda ya fi, ɗan'uwa. Ƙarfin da ke jan bol daidai yake da ƙarfin da ke matse bututu, don noti ya haɗa su, kowanne yana riƙe da ɗayan. Da zafi ya zo, alminiyam yana son miƙewa fiye da ƙarfe (23 da 12 cikin miliyan a kowane digiri), bol ya hana shi, ɗaurin ya ƙara tsauri.

In 1 bol ne, 2 kuma bututu, α yawan miƙewa a kowane digiri, ΔT ƙarin zafi, A faɗin yanka, E kuma taurin abin wajen miƙewa, ƙarin nauyin P shi ne:

```
P = (α₂ − α₁)ΔT / (1/A₁E₁ + 1/A₂E₂)
```

A ce bol 100 mm² ne, E = 200 GPa, bututu 200 mm², E = 70 GPa, zafi ya ƙaru da digiri 50. P zai fito kusan 4.5 kN. In ɗaurin farko 10 kN ne, ya zama 14.5 a kowannensu. Bambancin yana wajen kauri, wato in aka raba nauyin da faɗin kowanne: bol 145 MPa, bututu kusan 73.

Inda ake shan mamaki shi ne bayan hucewa. Idan bakin bututun ya lotsa ƙarƙashin washa lokacin zafi, sai ka tarar noti ya saki, alhali ba wanda ya taɓa shi.