HRV ɗina 38, na abokina 75

"Salam 'yan'uwa. Na sayi agogon Garmin don na fara gudun safe a nan Birnin Kebbi. HRV ɗina 38, na abokina 75, kuma da rana Stress yakan kai 70 ina zaune a shago, ba abin da ke damuna. Lafiya kuwa?"

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka fita batun lambar abokinka, kowane jiki da tasa. Shekaru da gado suna da hannu a ciki, kuma tana raguwa yayin da mutum ke manyanta.

Zuciya ba ta bugawa daidai wa daida. Ko tana buga 60 a minti, tazarar wani bugun takan zama milisakan 950, na gaba 1,040. Wannan saɓanin ne HRV. In jiki ya huta saɓanin yana ƙaruwa, in yana fama da wani abu bugun yakan daidaita, lambar ta sauka. Daga nan agogon ke lissafa Stress, shi ya sa bai san bambancin tunanin bashi da zafin rana ba. A Garmin Stress na 51 zuwa 75 matsakaici ne. Mutum ya yi gudu da safe, ya cika ciki da tuwo, ga zafin Afrilu ya haura digiri 40, ba ya shan ruwa sosai, ai 70 ba abin mamaki ba ne. Ni dai lambar rana ban cika kula ta ba.

Lambar HRV ta dare ce abin dubawa. Ka riƙa kwana da agogon kamar mako uku ya san ma'auninka, ka ɗaure shi ya kama fata, sama kaɗan da ƙashin wuyan hannu, don in ya yi sako-sako ƙarya zai ba ka. Sannan kullum ka haɗa ta da bugun zuciyarka na hutu.

A ce ka saba 36 zuwa 44, bugun hutu 58. Wata safiya ka ga 31 amma bugun na nan 58, kuma ka san ka yi dare wurin mai shayi, ko wuta ta ɗauke ka kwana cikin gumi. Fita gudunka, dare ɗaya ba ya yanke hukunci. Amma in ta zauna 28 zuwa 30 kwana uku a jere, bugun hutu ya hau 66, to ka mayar da gudun tattaki, ka ƙara barci da ruwa. In akwai kasala ko ciwon kai, musamman da damina, je ka yi gwajin maleriya, don agogo kan nuna sauyi tun kafin jiki ya yi zafi.

Hawan lamba ma ba kullum ne alheri ba. In ta yi tsalle daga 40 zuwa sama da 100 haka kawai, fara duba ɗaurin agogon. In kana jin zuciya na tsallake bugu, ko jiri, ko ciwon ƙirji, asibiti za ka a yi maka gwajin bugun zuciya na ECG, domin bugun da ya rikice shi ma yana kumbura lambar.