SMA da EMA: wanne ne ya fi jinkiri?

Tambaya: "Jama'a, na sa SMA da EMA duka a kan kwana 9, amma kullum EMA ne ke riga juyawa. Ina bambancin yake, tunda kwanakin ɗaya ne?"

Malam, SMA da EMA duka layuka ne da ke nuna matsakaicin farashi a kasuwa, bambancin yana wajen rabon nauyi. SMA yana tara farashin kwana tara na ƙarshe ya raba gida tara, kowace rana kasonta ɗaya, ta yau da ta makon jiya duk daidai. Wadda ta wuce kwana tara kuwa an sallame ta. Shi EMA ba ya sallamar kowa, sai dai muryar rana ta yi ta dusashewa yayin da take tsufa:

```
k = 2 / (N + 1)
EMA = EMA_jiya + k * (farashi - EMA_jiya)
```

N shi ne yawan kwanaki. A kwana 9, k ya zama 0.2, wato kullum yana cike kashi ɗaya cikin biyar na ratar da ke tsakaninsa da farashi.

A ce farashi ya daɗe a 100, sai ya yi tsalle zuwa 190 ya zauna. SMA zai riƙa hawa goma-goma, 110, 120, 130, har ya kai 190 cif a rana ta tara. EMA kuwa ranar farko ya kai 118, ta biyu 132.4, ta uku wajen 144. Ka ga ya tsere. Amma takunsa raguwa yake yi, a rana ta takwas SMA na 180, shi yana wajen 175. Na baya ya wuce na gaba ke nan, kuma EMA zai yi ta matsowa kusa da 190 ba tare da ya taɓa shi ba.

Abin da na daɗe ban yarda da shi ba sai da na zauna na lissafa da hannuna: matsakaicin jinkirinsu ɗaya ne, (N - 1) / 2, wato kwana huɗu a nan. In farashi na ƙaruwa da ɗaya kullum ba tangarɗa, dukansu za su tsaya huɗu ƙasa da shi. Saurin EMA a wajen juyi ake ganinsa, lokacin da abu ya canja ba zato, domin rana ta yau nauyinta ya kusa ninka wanda SMA ke ba ta.

Saurin nan kuma da kuɗinsa. Tsallen rana ɗaya na banza yana fizgar EMA, ya sha sa ni shiga kasuwa a kan juyin da bai tabbata ba. SMA ma da tasa cutar: wata rana za ka ga layin ya faɗi alhali farashi bai motsa ba. Kafin ka tsorata, ƙirga kwana tara baya, yawanci wani tsohon tsalle ne ya fita daga lissafi.