Ranar da lambar waya ta nutse a ƙasan rubutu

"Oga, bidiyo ɗaya ne fa. Me zai hana in rubuta take da bayani sau ɗaya, in kwafa in liƙa a YouTube da TikTok da Instagram da X baki ɗaya, a huta?"

Ajiye wayar nan ka dube ni. Irin wannan hutun ne ya ci mini naira dubu ɗari da ashirin, har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Ana saura mako biyu a kama azumi wani mai injin casar shinkafa ya zo shagon nan na Birnin Kebbi. Yana son bidiyon talla, a nuna shinkafarsa tun daga fadama har bakin buhu, musamman injin cire tsakuwa da ya sawo. Muka yi ciniki dubu ɗari biyu, ya ba da tamanin kafin alƙalami, sauran sai an ɗora. Kwana uku ina bin gonaki da kyamara, na ɗauki matan da ke turara shinkafa, na ɗauki wurin shanya, na zauna dare biyu ina haɗawa. Bidiyo ya fito minti biyu da daƙiƙa arba'in, na kwance don YouTube da Facebook, na kuma fitar da na tsaye don sauran. Ba yabon kai ba, a garin nan ka nemo wanda zai ɗauki ƙwayar shinkafa tana zubowa daga inji kamar yadda na ɗauke ta.

Ranar ɗorawa aka yi mana rasuwa a Yauri. Na bar wa wani yaro da ke wurina a lokacin, na ce ya ɗora. Ga taken da ya sa a YouTube:

`Assalamu alaikum 'yan uwa ku zo ku kalli sabon bidiyonmu mai kayatarwa na shinkafar Kebbi`

Na ƙirga, harafi 89 ne. YouTube ya yarda da take har harafi 100, shi ya sa ya karɓa bai ce uffan ba, yaron kuma ya ɗauka ya yi daidai. Amma abin da YouTube ya karɓa daban, abin da idon mutum ke gani daban. A jerin bidiyoyi kan waya, take mai tsawo yakan yanke tun wajen harafi sittin zuwa saba'in, ɗigo uku su biyo baya. Kalmar shinkafa a taken nan sai a harafi na 75 ta fara. Wato mai neman shinkafa yana ganin sallama da gayyata, bai ga shinkafa ba. Sallama ibada ce, ka yi ta da bakinka a cikin bidiyo, take kuwa allon ƙofar shago ne.

Bayanin da ya rubuta ya fi wannan muni. Gaisuwa layi huɗu, godiya ga masu bibiya, roƙon a danna ƙararrawa, sannan can ƙasa lambar wayar mai shinkafa da linkin da ke kai mutum WhatsApp ɗinsa. Wannan doguwar wasiƙa ya kwafa ya zuba ko'ina. A Instagram ta shige, don suna karɓar harafi 2,200, sai dai layi ɗaya ko biyu na farko kaɗai ake gani kafin a danna `more`, kuma linkin da aka sa a rubutun ƙasan bidiyo ba ya dannuwa a can, baƙaƙe ne kawai. A TikTok ma linkin ba ya dannuwa. A X kuwa harafi 280 ne iyakar wanda bai biya kuɗi ba, da rubutun ya yi ja sai yaron ya yi ta gogewa daga ƙasa har ya shiga. Me ke ƙasa? Lamba da linki. Ya bar gaisuwa, ya goge kuɗi. Bai tsaya nan ba. X ba ya karɓar bidiyon da ya wuce minti biyu da daƙiƙa ashirin daga asusun kyauta, sai ya datse wutsiyar, alhali a daƙiƙoƙi ashirin ɗin ƙarshe na rubuta lambar a fuskar bidiyon.

Kwana biyar na yi a Yauri. Ina dawowa mutumin ya iso da fushi, wai mutane sun kalla amma ko kira ɗaya bai samu ba. A nan yana da gaskiya, ban musa ba. Na kwana ina gyara. YouTube da Facebook da Instagram suna barin mutum ya gyara rubutu bayan ya ɗora, na X kuwa sai da na goge na sake ɗorawa, 'yan masu kallon da aka tara suka tafi a banza. Kafin a sha ruwa na uku wayarsa ta fara ƙara, na sani don direbansa da kansa ya gaya mini suna ta lodi zuwa Sakkwato da Gusau. Da na je karɓar cikon kuɗina sai ya ce ai lokacin sayayyar azumi ya riga ya wuce, kuma wai cinikin da yake yi na tsofaffin abokan hulɗarsa ne. Na je sau huɗu. Na haɗa shi da limamin unguwarsu, ya ce a ba shi lokaci. Har gobe rubutun da na gyara yana shafinsa yana kawo masa kasuwa, bai canja ko wasali ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Yanzu saurari yadda na gyara, don ba zan maimaita ba. Yadda ake buɗe asusu da yadda ake ɗora bidiyo ba zan ɓata bakina a kai ba, ƙanenka na firamare ma ya iya.

Kafin ka taɓa kowace manhaja, ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya da ba ta wuce harafi sittin ba, mai ɗauke da sunan abin da dalilin da zai sa a tsaya. Daga mafi ƙanƙantar wuri ake fara rubutu, sannan a faɗaɗa. Wanda ya fara da dogo ya zo yana yanka, abin da ya fi amfani yake zubarwa, ka dai ji abin da ya faru a X. Tawa jimlar ita ce:

`Shinkafar Kebbi marar tsakuwa: daga gona har cikin buhu`

Harafi 55. Kalmar da mutum zai rubuta a wurin nema ita ce a gaba, damuwar kowace uwargida, wato tsakuwa, tana biye.

YouTube wuri ne da ake shiga da niyyar neman abu, bidiyo kuma yana iya shekara yana kawo mutane. Don haka a can nake zama in yi rubutu sosai. Bayani yana ɗaukar harafi 5,000, amma layi biyun farko su ne na gwal: na sa irin shinkafar, girman buhu, garin da ake ɗauka, sai lamba da linki nan take. Bayan haka na raba bidiyon gida-gida:

```
0:00 Gona
0:35 Turarawa da shanya
1:20 Injin cire tsakuwa
2:10 Farashi da yadda za a saya
```

Wannan yana da sharuɗɗa. Na farko dole ya fara da `0:00`, su kai uku aƙalla, kowane ya kai daƙiƙa goma. Ka saɓa ɗaya, rabon ba zai fito a sandar bidiyo ba, ka zauna kana zargin netwok. Akwatin `Tags` kuwa, da yaran yanzu ke cikawa da sunayen 'yan ƙwallo don su ja mutane, harafi 500 ne gaba ɗaya, kuma YouTube da kansa ya ce amfaninsa kaɗan ne sai inda mutane ke kuskuren rubuta kalma. To mu Hausawa nan ne ya yi mana rana. Yawancin mutane ba sa rubuta ƙ da ɗ da ɓ a waya, wani ya sa alamar 'y wani bai sa ba. A take ka rubuta Hausa daidai, a akwatin nan ka sa yadda ake rubutawa a titi: `yar hausa`, `shinkapa`, `Kebbi rice`. Ka kuma kula, idan guntun bidiyo ka ɗora a `Shorts`, tun 2023 linki ba ya dannuwa a bayaninsa, lamba za ka rubuta.

TikTok da Instagram ba haka suke ba. Ba neman ka aka zo yi ba, bidiyonka ne ya faɗo gaban mutum yana kwance yana tura yatsa. Rubutun ƙasa layi ɗaya ko biyu yake nunawa, a kan hoton ma yake zaune. Saboda haka jimlar nan tawa na rage ta zuwa tambaya, ko kin gaji da tsince tsakuwa, sai lamba a layin farko. Ita kanta jimlar na rubuta ta a fuskar bidiyon tun daƙiƙar farko, a tsakiya zuwa sama, don ƙasa rubutun manhaja ya rufe shi, gefen dama kuma maɓallai ne. Linki yana tafiya shafin bayanin mai asusu idan asusun yana da wannan damar, in babu, lamba ta wadatar.

Ga wani abu da babu mai koya muku. Kalmar da aka sa wa alamar `#` tana mutuwa ne a inda ta haɗu da alamar rubutu. Yaron nan ya sa `#sana'a`, abin da ya yi shuɗi `#sana` ne kawai, ya tura shinkafar mutum cikin rubuce-rubucen da ko Hausa ba su ba ne. Kalma mai irin wannan alama, ko ka cire alamar ko ka canja kalmar. Ni uku na sa, `#shinkafa` da `#Kebbi` da `#azumi`. Masu jera ashirin suna cinye wurin da ya kamata magana ta zauna.

A X lissafi ake yi. Kowane linki, dogo ko gajere, harafi 23 yake ci daga cikin 280, kowane ɗan hoton dariya ko na wuta yana cin biyu. Jimlata 55, linki 23, lamba 11, ka ga da sauran wuri mai yawa na faɗin girman buhu da gari. Bidiyon na sake yanka shi zuwa minti ɗaya, lamba a fuskarsa tun farko. Facebook kuwa can manyan 'yan kasuwarmu suke, linki yana dannuwa, wuri yana da yawa, amma shi ma bayan layi kaɗan `See more` ne, kuma Alhaji ba ya dannawa.

Abin da ke damuna da ku 'yan zamani, kuna ɗorawa daga kwamfuta ku tashi, ko waiwaye babu. Duk abin da ka ɗora a shagon nan, ka ɗauki ƙaramar wayar can mai fasasshen gilashi, wadda ba asusunmu ne a kanta ba, ka buɗe ka duba kamar baƙo. Sunan kaya ya fito kafin ɗigo uku? Lamba tana ganuwa ba sai an danna komai ba? Ka danna linkin da yatsanka ka ga ko ya buɗe.

Bidiyon mai albasar nan na Aliero yana jiranka. Rubuto mini jimlarsa a takarda, ka ƙirga haruffan, ka kawo in gani kafin la'asar. Kuma kada ka ɗora komai sai cikon kuɗinsa ya shigo.