Wasiƙar Da Za Ki Aika Wa Iyaye Kan Dusashe Fuskokin Yara A Bidiyo

Tambaya: Salam. Ni shugabar wata makarantar firamare ce, mun yi bikin raba kyaututtuka za mu ɗora bidiyon a YouTube amma na ce a dusashe fuskokin yaran, to wasu iyaye sun fara ƙorafi wai su ɗansu suke son gani. Me zan rubuta musu a wasiƙa su gane?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Ki fara gama aikin bidiyon tukun kafin wasiƙar, don kar ki yi wa iyaye alƙawarin abin da na'urar ba ta iya ba.

A kwamfuta ki shiga YouTube Studio, ki ɗora bidiyon a Private ba Public ba, sai ki buɗe Editor ki zaɓi Blur. Akwai Face blur, shi da kansa yake laluben fuskoki ya jero miki ki danna waɗanda za a rufe, akwai kuma Custom blur wanda ke za ki zana akwati a inda kike so ya riƙa bin wurin. Na farkon da babban mutum yana kallon kyamara ba ya da matsala, amma yara fa ba sa tsayuwa wuri ɗaya, wannan ya juya gefe wancan ya gifta a guje wani ya leƙo ta bayan ɗan'uwansa, a nan ne yake kuskure. Bidiyon waya yawanci hoto 30 ne a kowane sakan, ke nan na minti 3 hoto 5,400 ne, kuma guda ɗaya da fuska ta fito ya ishi mai son ɗauka. Don haka bayan kin yi Save a sa mutum ya kalla a saurin 0.25, inda ya yi shakka ya tsayar ya riƙa danna alamar waƙafi ko aya a kibod, suna matsar da bidiyon hoto ɗaya baya ko gaba. Duk fuskar da ta kuɓuce a bi ta da Custom blur.

Sannan ki saurari sautin, nan ne aka fi yin sake. A bikin kyauta ana kiran cikakken sunan yaro da ajinsa a lasifika, ya zo ya ɗaga takardar shaida sunansa ɓaro-ɓaro a jiki, ga bajon makaranta a ƙirji. In haka ta fita, to rufe fuskar bai tsinana komai ba, baƙo ya san suna ya san aji ya san ƙofar da zai tsaya. A yanke sautin wurin kiran suna, takardar ma a dusashe ta.

Yanzu wasiƙar. Kar ta yi tsawo, kar ki cika ta da tsoratarwa, kuma don Allah kar ki rubuta "babu wanda zai gane yaranku", ba gaskiya ba ne, maƙwabci zai gane yaro ta tafiyarsa ko muryarsa. Baƙo kawai kike tarewa. Ga yadda ni zan sa:

"Iyaye masu girma, za mu ɗora bidiyon bikin raba kyaututtuka a shafin makaranta, kuma za ku ga mun dusashe fuskokin ɗalibai gaba ɗaya tare da cire sunayensu. Abin da aka ɗora a intanet kowa na iya sauke shi, ko mun goge namu ba mu da iko da na hannun wasu, kuma akwai shafukan da ake ba su hoton fuska su nemo sauran wuraren da ta fito. A cikin iyayen yara akwai waɗanda suke da dalilin da ba sa son a san inda ɗansu yake karatu, tunda kuma yaran a haɗe suke a bidiyon, muka yi wa kowa iri ɗaya. Wannan ba zai hana wanda ya san yaro gane shi ba. Asalin bidiyon yana wurin mutum ɗaya a ofis, mai son kallo ya zo a nuna masa. Muna roƙon wanda ya ɗauka da wayarsa kar ya yaɗa wanda 'ya'yan wasu suka fito."

Kar ki ambaci waɗancan iyayen ko ajinsu, ko da wani ya matsa da tambaya.

Maganar asalin bidiyon kuma sai kin cika ta. Ki tambayi mai ɗaukar bidiyo da malamai ko suna da kwafi, su goge har da na Google Photos ko iCloud, don waya kan tura can da kanta ba tare da an sani ba. Masu cewa a turo musu a gurup na WhatsApp, a'a, mutum ɗaya ya tura gaba shike nan aikin ya tashi a banza. In uwa ta nace, a yanko mata wurin da ɗanta yake karɓar kyauta, a dusashe sauran yaran da ke gefensa, a ba ta ita kaɗai.