Tanki mai faɗi ko mai tsayi?

"'Yan uwa, maƙeri a Jekadafari zai haɗa min tankin ruwa zagayayye. Mu takwas ne a gida, kuma famfo kan yi kwana huɗu bai zo ba. Yaya zan san girman da zan ce ya yi?"

Malam, fara da ruwan da kuke sha. In kowa na cin lita 50 a rana, ka ga lita 400 ke nan, kwana huɗu kuwa 1,600. Sai ka nemi mai ɗaukar kusan 2,000, don ruwan da ke ƙasan bakin famfo ba ya fita.

Lissafin cikinsa shi ne `V = πr²h`, inda r rabin faɗin baki ne, h kuma tsayi, π kuwa 3.14. A nan mutane ke faɗawa rami, su sa faɗin gaba ɗaya a madadin rabinsa, amsa ta ninka sau huɗu. Ɗauki faɗi mita 1.4, tsayi mita 1.3: 3.14 × 0.7 × 0.7 × 1.3 ya ba da 2.0, kuma kowace kubik mita ɗaya, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, lita 1,000 ce. Lita 2,000 ke nan.

Kuɗin kuwa a falankin ƙarfe yake, wato `A = 2πr² + 2πrh`. Wannan tankin zai ci murabba'in mita 8.8. In ka ce siriri kake so, faɗi mita 1, dole tsayi ya kai 2.55, ƙarfe ya kai kusan 9.6, ruwa kuma bai ƙaru ba. Ni dai gajeren zan zaɓa, tunda ƙarfe ya fi auki in tsayi ya yi daidai da faɗi.

Kuma a kafa masa ƙafafu masu ƙwari, don in ya cika tan biyu ne.