Saƙon waya zai iya tona wanda ya rubuta shi?

Tambaya: "An turo wa yayata saƙon barazana daga baƙuwar lamba, nan Tahoua. Salon rubutun zai iya nuna wa alƙali mai shi?"

Ɗan'uwa, yana taimakawa, amma kada ka jingina ƙarar a kansa kaɗai. Abin da masana ke dubawa shi ne ɗabi'un da hannu ya saba da su: ko yana rubuta "chi" maimakon "shi", ko yana haɗe "yace" wuri guda, inda yake sa aya. To, "chi" ɗin nan rabin garin haka suke rubutawa saboda makarantar Faransanci, ba ya ware kowa. Saƙo mai layi biyu kuma ba ya ɗauke da alamomi isassu, kuma mugu na iya kwaikwayon salon wani. Iyakar abin da masani mai gaskiya zai ce shi ne rubutun ya fi kama da na wane, idan an gwada shi da tarin tsofaffin saƙonninsa da na wasu. Kada ku goge saƙon, ku kai wayar ga 'yan sanda su bi lambar.