Ajiyar albasa bayan kakarta

“Ina da ɗan jari a Sakkwato, wace sana'ar lokaci zan kama?”

Sayi albasa lokacin da ake cire ta, tsakanin Fabrairu da Afrilu, a Goronyo ko Wurno, ka sayar in damina ta yi nisa, daga Agusta. Amma duba wuyanta: in yana da kauri da danshi, bar musu kayansu, ruɓewa za ta yi. Wadda aka cika wa taki ma haka. Shanya ta a inuwa kamar sati biyu, sannan ka zuba a rudu, wato rumbun albasa da aka ɗaga daga ƙasa, iska na shiga ta ƙasa. Duk sati ka tsince mai laushi. Kada ka yi lissafi da buhu goma in goma ka zuba, domin dole sai ta rame.